Ramin da ke tsakanin bursu da bursu

Duk wanda ya taɓa tambayar nawa ya kamata mutum ya ajiye saboda ɓacin rana, amsa guda ake ba shi: albashin wata uku. Ban ce shawarar banza ce ba, amma an ɗinka ta ne a jikin ma'aikaci mai ɗaukar albashi ƙarshen wata. Mu ɗalibai wane albashi za mu ninka sau uku? Na watan da bursu ya faɗo, ko na watan da ko dala ba ta shigo ba? Ni a ganina abu biyu ne ke faɗa wa mutum adadin da zai nufa: abin da dole ya biya kowane wata, da kuma tsawon lokacin da kuɗi kan ɗauka ba su zo ba. Zan yi lissafin da nawa kuɗin, don su kaɗai na sani ciki da bai.

Kafin nan, mu daidaita baki a kan ƙidaya. A kasuwa in an ce dubu goma, dala ake nufi, wato sefa 50,000. A takardar makaranta kuma dubu goma sefa 10,000 ce. Wanda ya gauraya su a littafinsa zai sami lissafi mai kuskure ninki biyar. Ni da jika zan yi magana, jika ɗaya sefa 1,000.

Abin farko shi ne ware dole daga son rai, kuma gwajin da nake yi guda ne: in ban biya wannan abu wata biyu a jere ba, me zai faru? In amsar ita ce za a fitar mini da kaya waje, ko zan kwana da yunwa, ko zan rasa darasi, ko sunana zai ɓaci, to dole ne. In amsar ita ce zan ji ba daɗi kawai, ba ya shiga. Da wannan gwaji, nawa ya tsaya haka. Hayar ɗaki jika 20 ce, mu biyu ne, rabona 10. Kuran da ruwa 2 da rabi. Abinci 15. Kuɗin mota zuwa makaranta 5. Forfe 2, tunda ta waya ake turo darussa da sanarwar jarrabawa. Zubin adashe 2 da rabi. Sai jika 3 da nake aika wa ƙanwata a gida. Duka jika 40 ke nan.

Biyun ƙarshe su ne ake yi mini gardama a kansu. Wani abokina ya ce, "Kai malam, adashe ai ajiya ce, ya za ka sa shi cikin kashewa?" Ajiya ce ranar kwasa. Sauran watannin bashi ne a wuyanka, kuma uwar adashe ba ta san bursu bai zo ba. Haka kuɗin ƙanwata. Babu takarda tsakaninmu, amma ta riga ta sa su cikin lissafinta na sabulu da littafi, in na tsaya ita ce za ta faɗa rami. Abin da na fitar daga jerin shi ne shayin dare, ɗinkin salla, da gudummawar biki. Kuɗin rajista da na motar tafiya gida ma na fitar, saboda an san ranarsu tun farkon shekara, abin da aka san ranarsa kuwa ba gaggawa ba ne, tanadinsa daban.

A kan abinci akwai tarko. Mai tikitin resto zai iya rubuta adadi ƙarami ƙwarai, ya ji daɗi. Amma ku tuna yaushe resto kan rufe: lokacin hutu da lokacin yajin aiki. Kuma sau da yawa jinkirin bursu ne ke kawo yajin. Wato ranar da kuɗi suka ƙi zuwa ita ce ranar da za ka koma sayen shinkafa da wake a bakin titi. Don haka jika 15 da na rubuta farashin cin abinci a waje ne, mafi arha da zan iya jurewa.

Yanzu ɓangaren shigowa. A nan doka ɗaya ce: a rubuta kuɗi a watan da suka shigo hannu, ba watan da ya kamata su shigo ba. Bara ina koya wa yara biyu karatu a gidansu, jika 20 a wata, daga Oktoba zuwa Yuni. Bursu ya zo mini sau uku, jika 105 kowane zuwa: Janairu, Afrilu, Satumba. A Maris na sami aikin rubuta hirarraki daga sauti zuwa takarda, aka ba ni 30. A Yuli kawuna ya aiko 15. In an tara, jika 540 a shekara, wato 45 a wata in an raba daidai. Dole na 40 ne. Wanda ya dubi waɗannan lambobi biyu zai ce yaron nan ba shi da matsala, har rara yake yi.

To bari mu bi watannin ɗaya bayan ɗaya, mu fara da aljihu wayam a farkon Oktoba. Oktoba 20 ta shigo, 40 ta fita, ina ƙasa da 20. Nuwamba ƙasa da 40. Disamba ƙasa da 60. Wannan sittin ba a takarda kawai take ba: littafin bashi ne a wurin mai kanti, da haƙurin da na yi ta ba mai gida. Janairu bursu ya faɗo, na biya kowa, na koma sama da 25. Fabrairu saura 5, Maris 15, Afrilu na haye 100. Daga nan gangara ce: Mayu 80, Yuni 60, Yuli 35, Agusta na sake nutsewa ƙasa da 5, tunda yara suna hutu ni kuma ina gari. Satumba bursu ya zo, shekara ta rufe da rarar 60.

Wuri mafi zurfi da na kai, jika 60 a Disamba, shi nake kira rami. Da a ce ina da 60 a ajiye ranar 1 ga Oktoba, da ban ci bashin kowa ba duk shekara. Wannan shi ne tushen adadin da nake nema. Ku lura kuma da abin da ya faru daga Afrilu zuwa Agusta: na sauko daga 100 zuwa ƙasa da sifili ba tare da wani bala'i ya same ni ba. Wannan jika 100 ta Afrilu ba rara ba ce, hayar Yuli da abincin Agusta ne suka zo da wuri. Wanda ya ɗauke ta a matsayin asusun ɓacin rana ya ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu.

Amma bara shekara ɗaya ce, bana ba ta yi alkawarin kwaikwayonta ba. Shi ya sa nake yi wa lissafin tambaya ta biyu: in kowane bursu ya ƙara makara wata biyu fa? Na Janairu in ya kai Maris, ramin zai tashi daga 60 zuwa 80, sannan 100. Na Satumba in ya kai Nuwamba, zan tashi daga ƙasa da 5 zuwa 45, sannan 65. Na Afrilu bai kai waɗannan ba. Mafi muni 100 ne, shi na ɗauka. Me ya sa wata biyu ba huɗu ba? Hukuncina ne, daga abin da na gani da abin da waɗanda suka riga mu shiga jami'a suke faɗi. Wanda ya fi ni tsoro ya sa uku, lissafin bai canza ba. Abin lura dai shi ne watan jira ba farashinsu ɗaya ba: watan da nake koyarwa jika 20 yake ci mini, watan hutu 40.

Saura abu na ƙarshe, wanda shi ne gaggawar ainihi: ciwo, ko rasuwa a gida da dole ka shiga mota gobe da asuba. Na sa masa jika 25, kuɗin mota zuwa da dawowa da abin gaisuwa, ko gwaji da magani in zazzaɓin cizon sauro ya kama ni. Ban sa duka biyun ba, na ɗauki mafi tsada. Kuma na ɗora shi a kan ramin ne, ban ce ramin zai rufe shi ba, domin abubuwan nan tare suke zuwa. Zazzaɓi ya fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da yara ke hutu, hatsi ya yi tsada, rumbun gida ya yi ƙasa, ba wanda za ka buga wa waya ya aiko. Adadina ke nan: 100 da 25, jika 125.

Wani zai ce, to ai ka zagaya ka dawo kusa da wata ukun da ka raina. Gaskiya ne, a wurina ya faɗo kusa. Amma ga abokin ɗakina. Dolensa kusan irin nawa ne, 40, sai dai shi yayansa ma'aikaci ne, yana turo masa 45 kowane ƙarshen wata. Ba shi da rami ko kaɗan. In ya yi tanadin makarar wata guda da ciwo guda, jika 65 ta ishe shi. Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, samu ɗaya a shekara, amma abin da nake bukata ya kusa ninka nasa. Shi hatsarinsa wani ne daban: igiya ɗaya yake riƙe da ita, ran da yayan ya yi aure ko aka canza masa wurin aiki sai ya sake lissafi daga farko.

Akwai inda wannan hanya ba ta aiki. In jimillar shekara ba ta kai dole sau goma sha biyu ba, misali 400 ta shigo alhali 480 ake bukata, ramin ba zai taɓa cikewa ba, kowace shekara ƙara zurfi yake. Wannan ba matsalar asusu ba ce, sai dai a rage haya ko a ƙaro aiki. Alamarta kuwa a fili take: bursu ya zo, ka biya bashi, kuma har yanzu kana ƙasa. Wata alamar ita ce ka ga kana taɓa ajiyar a watan da kuɗi suka shigo lafiya lau. In haka na faruwa, akwai wani dole da ba ka rubuta ba, ko ka rubuta abinci ƙasa da abin da cikinka ke ci.

Jika 125 ba ta taruwa a zama ɗaya. Rarata 60 ce a shekara, don haka shekara biyu ce da ɗoriya, in komai ya tafi daidai. Na raba ta mataki-mataki: 40 tukuna, sannan 60 mai rufe ramin bara, sannan sauran. Ranar da bursu ya faɗo nake cirewa, kafin labari ya kai kunnen abokai, kuma ba a adashe nake sa su ba, tunda adashe ba ya ba ka kuɗi ranar da ka so sai ranar da layi ya zo kanka. Yanzu ina kan 55.

Watan jiya mai gida ya ce daga Oktoba ɗaki ya koma jika 25, wato rabona ya ƙaru da 2 da rabi. Ramin nawa mafi tsawo wata biyar ne, Oktoba zuwa Fabrairu, don haka 12 da rabi ta hau kan adadin. Na soke 125 a bangon littafina, na rubuta 137 da rabi.