Hanyar da Kakana Yake Bi

Kakana ya shekara arba'in yana kai gyaɗa kasuwar Rimin Gado a kan jaki. Ko da daddare aka sake shi, ƙafarsa ta san hanyar gida. Shi ya sa ba wanda ya damu da ya fara tambayar ko an yi la'asar sau uku a zama ɗaya. Muka ce gigin tsufa ne.

Wata ranar kasuwa, dawa ta yi tsayi ta rufe kowace 'yar hanya, ya fita da hantsi bai dawo ba har magariba. Kawunaina suka bi titin Gwarzo a kan babur, suka duba masallatai da tasha. Inna, ƙanwarsa, ita ce ta ce, "Ku bar neman sa inda yake zuwa yanzu. Ku je kufan gidanmu."

Can muka same shi, tsaye a gonar wani, inda gidan mahaifinsu yake kafin su tashi. Yana neman wata tsamiya da aka sare tun ban zo duniya ba.

Na ce, "Malam, amaryarka ce ta zo biko."

Bai yi dariyar da ya saba ba. Ya ce, "Yarinya, wa ya ɗauke ƙofar gidanmu?"

A Asibitin Malam Aminu Kano likita ya ce cutar mantuwa ce, wadda ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Sabon abu take fara gogewa, tsoho ya daɗe. Mai mantuwar tsufa yakan manta inda ya ajiye carbi, daga baya ya tuna. Mai wannan cuta kuwa yakan tsaya a hanyar da ya bi sau dubu ya rasa gabas, kuma abin ya fi tsanani idan rana ta yi sanyi. Babu maganin da ke warkar da ita, sai dai wanda kan rage wasu alamun na ɗan lokaci.

Kawu ya so a riƙa kulle zaure. Inna ta ƙi, ta ce wanda ya ciyar da gida ba a ɗaure shi kamar akuya. Sai muka ɗinka lambar wayar Kawu a aljihun kowace rigarsa, muka sanar da mai unguwa, da mai shayi, da 'yan acaɓar bakin titi.

Yanzu da la'asar sakaliya, idan ya ɗauki sanda ya ce zai tafi gida wajen babarsa, ba na ce masa ta rasu. Duk lokacin da aka faɗa, sabon makoki yake yi. Sai in sa mayafi in ce ya raka ni. Mu zaga bayan rumbu, mu wuce rijiya, yana nuna mini gidajen da babu su da sunayen masu su ɗaya bayan ɗaya. Na fara rubuta su a waya. Jiya sun kai goma sha bakwai.