Ranar da Dakta ya ja wa "su fahimci" jan layi

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Masu shirin fita koyon koyarwa, musamman 'yan kimiyya, ku matso kusa. Kalma ɗaya ce ta kusa cinye min maki a wata sakandare a nan Daura, kuma sai da na gama jin haushi na yarda Dakta ya fi ni gaskiya.

2/ An ba ni aji ɗaya na babbar sakandare, kemistiri, yara 68. Wasu daga cikin gari, wasu kullum sai sun taso daga ƙauyukan hanyar Sandamu da Mai'adua. Darasin da ya faɗo a kaina shi ne asid da bes. Na ji daɗi, don ina ganin na iya shi kamar tafin hannuna.

3/ Da Turanci muke rubuta tsarin darasi, amma ga abin da na sa a gurbin manufa in an mayar da shi Hausa: "A ƙarshen darasi ɗalibai su fahimci asid da bes, su san amfaninsu." Na koyar minti arba'in, na cika allo. Na ce kun gane? Ajin ya ɗauka gaba ɗaya: "Mun gane, Malama!" Na fito ina jin kaina.

4/ Dakta da jami'a ta turo ya duba mu yana zaune a bencin baya. Da muka fito ya miƙo min littafina, ya ja jan layi a ƙarƙashin "su fahimci" da "su san". Ya ce: "Malama, da wane ido za ki ga fahimta? Nuna min yaro ɗaya da ya fahimta, ki gaya min yadda kika sani." Na ce ranka ya daɗe, ai sun ce sun gane. Ya ce: "Ko da Faransanci kika koyar za su ce sun gane."

5/ Wallahi ranar ko abincin rana ban ci da daɗi ba. Amma washegari na gwada. Na ce wa zai faɗi ma'anar asid? Hannu ya fi talatin: abin da ke sakin H⁺ a cikin ruwa. Daidai. Sai na ɗaga kofi biyu, ɗaya ruwan tsamiya, ɗaya ruwan kanwa, na ajiye takardar litmos, na ce wa zai zo ya nuna min wanne ne asid? Tsit. Yarinya ɗaya ta fito, ta tsoma jar takarda a ruwan tsamiya, ba ta canza ba, ta ce "Malama ba komai a ciki."

6/ To kun ga matsalar. Ma'anar tana bakinsu, aikin ba ya hannunsu. Kuma laifina ne, don manufar da na rubuta ba ta tilasta min koyar da komai ba sai magana. "Su fahimci" tana karɓar duk abin da ka yi a aji ta ce maka madalla.

7/ Na koma takardun da muka yi a aji biyu na jami'a, waɗanda na haddace don jarrabawa kawai. Benjamin Bloom da abokan aikinsa sun jera matakan sani a 1956, Anderson da Krathwohl suka sake fasalinsu a 2001: tunawa, fahimta, aiki da abu, ƙwanƙwancewa, auna daraja, ƙirƙira. Lura fa, fahimta tana cikin jerin. Ba haramun ba ce. Mataki ce a cikin kan yaro, kai kuma aikinka ka zaɓi aikatau da zai fito da ita fili.

8/ Wanda ya fi yi min amfani shi ne Robert Mager, da littafinsa na 1962 kan rubuta manufofin koyarwa. Ya ce manufa tana da ƙafa uku: me yaro zai yi, da me a hannunsa, kuma yaya za a ce ya yi daidai. Murhu ne mai duwatsu uku, ka cire ɗaya tukunya ta kife.

9/ Ga yadda na sake rubutawa: "In an ba ɗalibi ruwa iri shida marasa suna da takardar litmos ja da shuɗiya, zai rarraba su zuwa mai asid, mai alkali da tsaka-tsaki, ya dace a biyar cikin shida."

10/ Bari in tsaya a nan, don kowace gaɓa sai da ta ba ni wahala. "Zai rarraba": wannan ina iya gani da idona, takarda ce mai layi uku ya cike. Ruwan shida kuwa daga gida na kwaso su: lemun tsami, tsamiya, kanwa, ruwan toka da aka tace, ruwan sabulu, ruwan gishiri. Ruwan batir ban kawo ba, kuma na hana ɗanɗanawa, duk da littafi ya ce asid tsami gare shi. Kar ka taɓa sa "su ɗanɗana" a manufar kemistiri, yaro zai ɗauki ɗabi'ar ya kai ta inda ba tsamiya ba ce a kwalbar.

11/ "Marasa suna" daga baya na ƙara. A gwajin farko na rubuta sunaye a jikin kofunan, wani yaro ya ci shida cikin shida bai taɓa litmos ba. Ya ga "lemun tsami" ya rubuta asid. Ashe tunawa na auna, ni kuma ina zaton aiki na auna. Na cire sunaye na sa A zuwa F. Har yanzu wari da kala suna tona asirin wasu, shi ya sa na ce kowa ya rubuta abin da kowace takarda ta yi kafin ya yanke hukunci.

12/ "Ja da shuɗiya" kuma saboda yarinyar nan ce. Asid yana mayar da shuɗiya ja, alkali yana mayar da ja shuɗiya. In ka tsoma ja kaɗai ba ta canza ba, abu biyu ne: ko asid ne ko tsaka-tsaki. Sai ka tsoma shuɗiyar za ka raba gardama. Ruwan gishiri shi ne tarkon, ba ya canza ko ɗaya. Wanda ya kama shi da hujja, shi ne zan iya nuna wa Dakta da yatsa.

13/ Wani zai ce ina kika samu litmos na yara 68? Ban samu ba. Na yanka kowace takarda gida uku, na raba su rukuni goma. Da ta ƙare na koma ga zoɓo, wanda aka jiƙa ba sukari ba citta, aka tsinka shi da ruwa. A asid yana nan ja, a ruwan kanwa ya rikiɗe ya yi duhu, wajen kore-kore. Yara sun yi ihu kamar na yi siddabaru.

14/ Amma zoɓo da kansa mai tsami ne, ja yake tun asali, don haka raba asid da tsaka-tsaki da shi yana da wuya. Ranar zoɓo sai na rage manufar ta koma "zai ware masu alkali daga sauran". Kayan da ke hannunka suna cikin manufa. In suka canza, ita ma ta canza.

15/ Yanzu ga inda na ji kunya, kuma shi ne dalilin zaren nan. Manufata ta biyu: "Zai rubuta daidaitaccen lissafin haɗuwar asid da bes, ya faɗi sunan gishirin da ya fito." Misalin allo: HCl + NaOH → NaCl + H₂O. Gishiri da ruwa, shi ke nan. Don in burge su na ce bari mu gani a zahiri, na zuba ruwan tsamiya mai kauri a ruwan kanwa. Sai ga kumfa.

16/ Wata yarinya a layi na biyu ta ɗaga hannu: "Malama, kin ce gishiri da ruwa ne kawai. To kumfar nan fa? Haka take yi in Inna ta sa kanwa a zoɓo." Na tsaya da alli a hannu. Na ce mata tambayarki ta fi darasin, gobe zan amsa.

17/ Na je wurin malamin da ke riƙe da ajin, dattijo ne, ya kusa ritaya. Ya yi dariya ya ce: "'Yata, kanwa ai ba irin NaOH ba ce. Gishirin kabonet ne, ruwanta ne ke da alkali." Mafi yawanta Na₂CO₃ ce da NaHCO₃, kuma kabonet in ya haɗu da asid sai ya saki iska: Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂. Kumfar CO₂ ce.

18/ Na san wannan a jami'a fa. Amma da "su fahimci" na tsaya, da har na gama makonnina ban gane na cakuɗa darussa biyu ba. Da na ce "zai rubuta lissafi", dole na zauna na tambayi kaina: lissafin me da me? Sai na raba ta biyu. Ɗaya ta asid da alkali. Ɗaya kuma: "Zai hasashe abin da zai fito in asid ya haɗu da kabonet, ya bayyana gwajin da ake tabbatar da iskar." Gwajin shi ne ruwan Ca(OH)₂ garau, CO₂ ta bi ta cikinsa ya koma fari kamar madara.

19/ Gargaɗi ɗaya, don na ga abokaina sun faɗa ramin. An ce mana a guji "su sani", sai kowa ya cika littafi da "su lissafa, su faɗi, su ambata". Duk ana ganinsu, gaskiya ne, amma duk haddar ce a sabuwar riga. Yaran nan WAEC da NECO suna jiransu da jarrabawar gwaji ta hannu, inda za a ajiye musu abu a ce rubuta abin da ka gani da abin da ka fahimta daga gare shi. Wanda bai taɓa yin komai ba sai lissafa siffofin asid guda biyar, ranar zai ga ta kansa.

20/ Abin da nake yi yanzu: kafin in rubuta darasi, sai in rubuta tambayar ƙarshen aji a gefen manufa, in duba aikatau ɗinsu ɗaya ne? In manufa ta ce "ƙididdige pH", tambaya ita ce HCl mai ƙarfin 0.01 mol/dm³, amsa 2, don pH = -log[H⁺]. In na tambayi "mene ne pH" a maimakon haka, na sauka daga kan manufata. In kuma na kasa ƙirƙiro tambayar kwata-kwata, manufar ce ba ta nuna ba.

21/ Ba na cewa komai na ilimi yana aunuwa. Tambayar kumfar nan ba ta cikin manufata ko ɗaya, kuma ita ce mafi kyawun abin da ya faru a ajin. Ban san aikatau da zan rubuta mata ba.

22/ Da Dakta ya dawo zuwa na biyu, rukuni takwas cikin goma sun ci biyar ko shida. Biyun da suka faɗi, duk ja kaɗai suka tsoma. Ya karanta takardunsu, ya ce: "Kin rubuta ɗalibi zai rarraba, amma rukuni kika auna. Ina kika san ba yaro ɗaya ne ya yi wa bakwai aikin ba?" Ya sake jan wani layin, ƙarami dai wannan karon.

23/ Litinin zan kira mutum biyu daga kowane rukuni da ka, ba wanda ya ɗaga hannu ba, su maimaita da sabbin kofuna. Litmos ɗin da ya rage min bai fi na mutum goma sha biyu ba. Wanda ya san shagon da ake samunsa a Daura ko Katsina ya ajiye min a ƙasa, don Allah.