Daga n da o zuwa ɗ: abin da na koya wajen zana haruffa

Kowane ɗalibin ilimin harshe da ya taɓa buga rubutun Hausa a na'ura mai ƙwaƙwalwa ya san wannan matsala: jimla tana tafiya lami lafiya, sai a zo kan ƙ ko ɗ, sai harafin ya fito da wani jiki dabam, ko ya fi maƙwabtansa kauri, ko ya fi su gajarta. Dalili shi ne zubin haruffan da aka zaɓa ba shi da wannan harafi, sai na'ura ta aro shi daga wani zubi. Wannan ne ya sa na ƙudura zana zubin kaina tun daga tushe, wanda ɓ, ɗ, ƙ da ƴ za su zauna cikinsa a matsayin ƴan gida, ba baƙi ba. Na yi aikin da FontForge, manhajar da ake samu kyauta.

Kafin a ja layi ko ɗaya, sai an yanke shawara a kan awo. Kowane harafi yana zaune ne cikin wani fili da aka raba kashi-kashi. A ƙarƙashin `Font Info` akwai gurbin `Em Size`, na bar shi a kan 1000, an raba shi `Ascent` 800 da `Descent` 200. Wannan awo ba milimita ba ne, rabo ne kawai: in an buga rubutu manya, kowane kashi ya girma, in an buga ƙanana ya ƙanƙance. Cikin wannan fili na shata layuka huɗu. Layin da haruffa suke zama a kansa shi ne 0. Kan ƙananan haruffa irin su n da a na sa shi a 500. Dogaye irin su b, d da k suna kai wa 740, masu jela kuma irin su g da y suna sauka zuwa 190 a ƙarƙashin layin zama.

Tazarar da ke tsakanin 500 da 740 ita ce na fi daɗewa ina tunani a kanta. Yawancin zubin da ake yi domin allon waya suna ɗaga tsayin ƙananan haruffa sosai don a ji daɗin karatu, abin da ke rage wa dogaye wuri. Wanda yake zana wa Faransanci ko Ingilishi bai yi asarar komi ba, domin sandar d miƙaƙƙiya ce. Mu kuwa a wannan ɗan wuri ne ƙugiya za ta lanƙwashe, kuma ita kaɗai ce ke raba baki da baƙi. In wurin ya matse, ƙugiyar za ta zama ɗan ƙullutu da ido ba ya gani a ƙaramin rubutu. Shi ya sa na bar mata awo 240 cur.

Ba da a ake fara zane ba, ko da yake ita ce farkon abacada. Da n da o ake farawa, domin su biyun suna ɗauke da amsar yawancin tambayoyin da sauran haruffa za su yi. A jikin n ake yanke kaurin sanda, da faɗin farin da ke tsakanin sanduna biyu, da yadda kafaɗa take fita daga sanda. Ni na ba sanda kauri 84, farin ciki kuma 270. A jikin o ake yanke yadda lanƙwasa take tafiya. Daga nan h ta zama n mai doguwar sanda, m ta zama n mai ƙafa uku da aka ɗan matse, u ta zama n da aka kifar aka gyara, b da d kuma suka zama auren sanda da cikin o.

Zanen o ne ya nuna mini cewa ido da ma'auni ba sa yarda da juna. In an tsayar da o daidai tsakanin 0 da 500 kamar n, sai ta zama kamar ta fi n ƙanƙanta, domin ɗan tsininta ne kawai yake taɓa layi. Maganinsa shi ne a bar ta ta ƙetare layin kaɗan sama da ƙasa; tawa ta tashi daga 12 ƙarƙashin layin zama ta kai 512. Haka kuma layin da ke kwance yana bayyana da kauri fiye da na tsaye ko da awonsu ɗaya ne, don haka na ba gefunan o kauri 88, samanta da ƙasanta kuma 70. Ɗigo huɗu sun ishi da'irar waje, huɗu ta ciki, kowanne a ƙarshen lanƙwasa: sama, ƙasa, dama, hagu. Umarnin `Add Extrema` yana sa su inda suka ɓace. Duk ɗigon da aka ƙara ba bisa larura ba yakan bar ɗan kumburi, wanda ake ganewa in an cika harafin da baƙi aka dube shi daga nesa.

Da zarar n da o sun tsaya, ba a wucewa zuwa harafi na uku sai an daidaita tazararsu. Kowane harafi yana tafe da ɗan fili a hagunsa da damansa, abin da tagar awo ta FontForge take kira `LBearing` da `RBearing`. Walter Tracy, a littafinsa Letters of Credit na 1986, ya bayyana hanyar da har yau ake bi: a daidaita n da o tukuna, sauran haruffa su gaji tazararsu gwargwadon siffar gefensu. Gefe miƙaƙƙe yana buƙatar fili mai yawa. Gefe mai lanƙwasa yana buƙatar kaɗan, domin lanƙwasar da kanta tana barin fari a sama da ƙasa. Ana gwadawa da jeri irin wannan:

```
nnnnn
ooooo
nnonoonn
```

Abin da ake nema shi ne sanduna su riƙa faɗuwa da kari ɗaya, kamar sawun mai tafiya bai gaggauta ba bai tsaya ba. In o biyu sun manne alhali n biyu sun rabu, to tazarar o ta yi kaɗan. Ni na tsaya a kan 76 a hagun n, 70 a damanta saboda kafaɗar ta ɗan lanƙwashe, sai 42 a kowane gefen o. Faɗin n gaba ɗaya ya zama 584. Daga nan d ba ta buƙatar sabon tunani: hagunta ciki ne, ta ɗauki 42 na o; damanta sanda ce, ta ɗauki 76.

A kan ɗ ne wannan gado ya daina isa. Ƙugiyar ɓ da ta ƙ suna lanƙwasawa ne a saman jikin harafinsu, ba sa neman ƙarin wuri. Ta ɗ kuwa tana fita waje ta dama, bisa filin maƙwabci. A zanen farko ta zarce sanda da awo 150. In aka auna 76 daga bakin ƙugiyar, to tsakanin sandar ɗ da ƙarshen filinta akwai 226, sai kalmar faɗa ta zama kamar an tsaga ta biyu. In kuma aka bar ɗ da faɗin d daidai, ƙugiyar ta rataya bisa maƙwabci, to faɗa ta gyaru, amma kuɗi ta lalace. Lissafin a fili yake: ɗigon i yana farawa ne awo 148 daga sandar ɗ, ƙugiyar kuma ta kai 150, kuma tsayinsu kusan ɗaya ne. Sai su haɗe su zama wani harafi da babu shi.

A nan ne karatunmu na tsarin sauti ya yi mini rana. Wanda bai san harshen ba zai zauna yana gwada ɗ da kowane harafi na abacada. Amma mun san ɗ ba ta rufe gaɓa a Hausa sai in an ninka ta; in ta faɗo a wannan gurbi takan koma r, kamar yadda kaɗa ta ba da karkaɗa. Ke nan abin da ke bin ɗ kusan kullum wasali ne, ko wata ɗ kamar a ɗaɗɗaure. Ita ɗ ta biyu da cikinta take farawa, wanda yake ƙasa da ƙugiya, don haka babu karo. Wasulan a, e, o da u su ma gajeru ne. Matsalar gaba ɗaya ta taru a kan i, kuma ba ƙarama ba ce, tunda kuɗi, daɗi da faɗi kalmomi ne na kullum.

Na raba gyaran gida biyu. Na rage ƙugiyar daga 150 zuwa 120, na kuma ƙara wa ɗ faɗi da awo 20 a kan na d. Yanzu ɗigon i yana farawa a 168, akwai fari 48 tsakaninsa da ƙugiya, `RBearing` na ɗ kuma ya zama -24. Akwai wata hanya: a bar ɗ a matse, a rubuta umarni na musamman da zai tura i gaba duk lokacin da ta biyo ta. Na ƙi dogara da wannan, domin wasu manhajojin rubutu ba sa aiki da irin wannan umarni sai an kunna shi. Gara harafi ya zama lafiyayye da awonsa na asali, umarnin ya zama ƙari.

Inda umarnin ya zama dole shi ne rubutunmu na nazari, inda muke sa alamar karin sauti da ta tsawon wasali. Alamomin da ke kan ì, î da ī duk sun fi ɗigo faɗi, suna miƙa hannu hagu zuwa inda ƙugiya take. Waɗannan ukun na ƙara musu awo 50 in sun biyo ɗ. Haka kuma wasali mai tsawo da karin ƙasa, irin ā̀, yana ɗauke da alama biyu ɗaya bisa ɗaya, kuma tsayinsa yana iya zarce 740. In ba a ɗaga iyakar sama da ke shafin `OS/2` ba, wasu manhajoji sukan datse kan alamar.

Saura manyan haruffa, waɗanda H da O suke yi wa jagora kamar yadda n da o suka yi wa ƙanana. A can ƙugiyar Ɓ da ta Ɗ hagu suke fita, don haka abin dubawa shi ne abin da ya gabace su: tazarar kalma, baka, ko alamar zance. Ita kuma ƴ, wadda ƙa'idar rubutunmu ta Nijar take amfani da ita inda Nijeriya take rubuta 'y, ƙugiyarta tana fita dama kamar ta ɗ, kuma kalmar ƴaƴa kaɗai ta isa ta nuna ko ta zauna. Kowanne sai an ajiye shi a gurbinsa na Unicode, ɗ a U+0257, ƴ a U+01B4, in ba haka ba wanda ya danna harafin a madannai ba zai same shi ba.

Zuwa yanzu ƙananan haruffa sun kammala. Takardar gwajina ba ta da wata jimla mai ma'ana. Kuɗi, daɗi, ɗaɗɗaure, ɓaɓɓake, ƙiƙi-ƙaƙa da ƴaƴa ne jere, an buga su manya da ƙanana. Duk awon da na canza, sai na sake buga ta a takarda, na riƙe ta nesa da ido, na duba ko akwai kalmar da ta tsage ko ta cure.