Yadda Baba ya daina kare baki da rawani

Mai karatu, idan a gidanku akwai dattijon da ke kare baki in dariya ta kama shi, saurari labarin mahaifina. Yana da shekara 74 ciwon dasashi ya bar shi da haƙora biyar masu girgiɗi. Ya daina cin abinci cikin jama'a, sai kunu da fate shi kaɗai a ɗaki.

Saura wata biyar a ɗaura auren jikarsa muka kai shi wurin likitan haƙori. Aka cire biyar ɗin, aka ce mu jira wata biyu, domin dasashi yakan motse bayan cirewa, kuma haƙoran robar da aka auna da wuri sukan yi sako-sako. Daga nan aka ɗauki siffar bakinsa, aka gwada masa samfuri na kaki, sai a zuwa na biyar aka ba shi nasa.

Kada ka zaci murna ce ta biyo baya. Yawu ya yi ta taruwa a bakinsa, harafin "s" yana fita kamar fito. Na sama ya zauna daram saboda yana manne da ganɗa, na ƙasa kuwa harshe sai ture shi yake yi. Kwana huɗu dasashinsa ya yi gyambo, ya naɗe su a hankici ya tura ƙarƙashin matashi.

Na same shi da daddare na ce, "Baba, a yi haƙuri a mayar da su yau, gobe mu koma asibiti."

Ya ce, "Abin da ke cizona za ka ce in mayar?"

Dalilin shi ne, sai an sa su kwana ɗaya kafin a je likita zai ga inda suke gurza. Cikin minti goma ya rage gefen. Kada ka bari a goge su a gida da wuƙa ko magagari, kuma gyambon da ya kai mako biyu bai warke ba, lallai likita ya gani.

Ya fara da dafaffen ƙwai da tuwo mai laushi, ƙananan lomomi, yana tauna ta ɓangarorin biyu a tare don kada ɗaya ya ɗaga. Da dare yakan cire su, ya wanke da sabulu da buroshi mai laushi, ya jiƙa a ruwan sanyi. Ruwan zafi lanƙwasa su yake yi. Goro dai har yau sai an daka masa.

Ranar biki, bayan ɗaurin aure, ya shiga cikin gida ɗaukar hoto, gefen rawani a bakinsa kamar kullum. Amarya ta leƙa fuskarsa ta ce, "Tsoho, ashe saurayi ka koma? Da na sani ai da ban yi wani miji ba!"

Ya saki rawanin ya tuntsire da dariya, mai hoto ya danna. Da aka kawo nama, ya ce a yanka masa ƙanana, ya ci a tsakiyar jama'a.