Jar karta da baƙar karta

Akwai wasan da nake koya wa samari a Briketiri, nan Yawunde, da karta huɗu kacal. Mutum biyu ne, kowa na riƙe da ja ɗaya da baƙa ɗaya. Kowa ya kife guda, a buɗe tare. In ka jefa ja, banki ya ba ka sefa 200. In ka jefa baƙa, ba ka da komai, amma abokin wasanka ya sami sefa 300.

To, lissafa. Baƙa da baƙa, kowa 300. Ja da ja, kowa 200. In ka jefa ja shi ya jefa baƙa, kai 500, shi ya tashi hannu rabbana. Ka ga ke nan, ko me ya jefa, ja ta fi maka da 200. Shi ma haka yake lissafi, sai ku haɗu a 200 alhali ga 300 a gabanku.

Wannan shi ne tarkon fursunoni biyu, wanda Merrill Flood da Melvin Dresher suka tsara a 1950. Ja da ja kuwa ita ce daidaiton Nash: ba wanda zai canza shi kaɗai, don ya san sifili zai kwasa. Ba wai ta fi alheri ba ne, zaunawa kawai take yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne maimaitawa. In ba a faɗi zagayen ƙarshe ba, baƙa takan daɗe, don kowa na tsoron ramuwa. Da na ce saura ɗaya, sai jajaye su fito.