Takardar da ke tada kowa da asuba

A daren jajibirin fara ɗaukar gajeren fim, mataimakin darakta kan raba wa kowa takarda guda. A samanta akwai sunan fim, da kwanan wata, da cewa yini na 1 ne cikin 3. Daga nan sai wurin aiki da kwatancen hanyarsa, da lambar wayar mai kula da hidima, da asibiti mafi kusa. Sabon shiga yakan tsallake waɗannan layuka ya nemi sunansa. Tsohon hannu kuwa, abin da ya fara dubawa shi ne fitowar rana da faɗuwarta.

A ce a unguwar Birni ta Damagaram za a yi aikin, cikin watan Disamba. Rana na fitowa wajen 6:40, ta faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu ake yanka komi. Darakta na son hasken safiya a bangon laka, saboda haka aka rubuta ɗaukar farko 7:30. Daga wannan lamba ake lissafi da baya. Kwalliyar jarumar na cin minti 45, sa tufafi minti 15, kuma ana bukatarta a gwada fitowar sau ɗaya, sai a kira ta 6:15. Masu kyamara da sauti su zo 6:30, domin sa'a guda ba ta yi musu yawa ba wajen kafa kaya. Motar kwaso mutane ta tashi 5:50, bayan sallar asuba. Idan ta makara da minti 20, inuwar bangon ta riga ta gajarta, hoton da aka ɗauka ƙarfe 9 kuma ba zai haɗu da na safe ba a wurin tacewa.

Tsakiyar takardar jerin fitowa ne, kowace da lambarta, ciki ko waje, da ƴan wasan da ke cikinta. Mai koyar da adabi zai ji wani iri in ya ga fitowa ta 7 gaban ta 2. Rana ce ta tsara su: ta 7 a lungu da safe, ta 2 a cikin zaure lokacin da haske ya yi tsanani.

Abinci 12:30, sa'a shida bayan kiran ma'aikata, a haɗa hutun da azahar. La'asar ma ana rubuta ta, domin kiran salla na shiga makirufo ko darakta ya so ko ya ƙi.

Yinin farko ba a cika shi. Mutanen ba su saba da juna ba, ɗaukar farko kan ja lokaci, shi ya sa mataimaki mai hankali ke ajiye fitowar kuka ko ta taron jama'a sai gobe. An rubuta tashi 5:45 na yamma, a ƙasa kuma da ƙananan haruffa, aikin yini na 2.