Abin da ke bayan “da sauƙi”

A asibiti babu amsar da muke ji kullum kamar “da sauƙi”. Mutumin da ya kwana yana murƙususu da ciwon ciki, idan muka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce. Tsohuwar da aka shigo da ita a kan keken marasa lafiya, numfashinta na fita da ƙyar, ita ma da sauƙi za ta ce, har ta ƙara da alhamdu lillahi. Ba ƙarya suke yi ba. Haka aka rene mu gaba ɗaya, Bahaushe ba ya amsa gaisuwa da ƙorafi, kuma yana ganin rashin godiya ne ga Allah ya fara da lissafa abin da ke damunsa. Mu ma'aikatan jinya da muka daɗe a ɓangaren awon ciki mun san cewa wannan amsa ta gaisuwa ce, ba ta bayanin ciwo ba. Bayanin yana zuwa daga baya, kuma yana zuwa ne idan an bar gaisuwar ta kai ƙarshenta.

Shi ya sa muke raba tambaya biyu da suke kama da juna. “Ya jiki?” gaisuwa ce, muna karɓar amsarta mu ce Allah ya ƙara sauƙi. “Me ke tafe da ke yau?” ita ce tambayar aiki. Wanda ya haɗe su wuri ɗaya, ya ce ya jiki alhali idonsa na kan kati da biro a hannu, zai rubuta cewa babu wata damuwa, mace ta tashi ta koma gida da abin da ya hana ta barci.

Gaisuwar tana farawa tun kafin a buɗe baki. Idan mace ta ɗaga labule ta shigo, abu na farko da take dubawa fuskarmu ce, domin daga bencin jira ta riga ta ji labarin wace sista ce mai faɗa, wace ce mai haƙuri. Don haka muna ajiye biro, mu ɗago kai, mu amsa sallamarta cikakkiya. Sai mu nuna mata kujera, mu ma mu zauna. Wanda ke tsaye a kanka da farin kaya yana kama da mai shirin tafiya ko mai yanke hukunci, shi kuwa wanda ya zauna daidai da kai ya nuna yana da lokacinka, ko da minti uku ne. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a ɗakinmu kuwa babu ma tabarmar, fuskar kaɗai muke da ita.

Bayan haka sai suna. A layi ɗaya za a iya samun A'isha biyar da Fatima huɗu, saboda haka muna tambayar cikakken suna mu gwada da na kati, kada a ba wata maganin wata. Amma da zarar mun tabbatar, muna komawa kiran da ya dace. Wadda ta haife mu Mama ce ko Hajiya, kuma da “ku” muke yi mata magana. Sa'armu Malama ce, ko mu kira ta da sunan ɗanta idan ta faɗa mana shi. Ƙaramar yarinya mai cikin fari ƙanwata ce. Muna kuma kiyaye alkunya: akwai matan da ba sa ambaton sunan miji ko na ɗan fari, don haka idan kati na buƙatar sunan maigida muka ga ta sunkuyar da kai, sai mu juya ga wadda ta rako ta. Mu ma muna faɗin namu sunan da aikinmu, da abin da za mu yi mata kafin mu taɓa ta. Mai tsoro da bai san wanda ke gabansa ba, bai kuma san abin da za a yi masa ba, tsoronsa biyu ne.

Akwai wata safiyar Talata da aka kawo mana wata yarinya da ba ta wuce shekara 19 ba, da cikin fari wata bakwai, uwar mijinta na biye da ita. An riga an auna jininta a bakin ƙofa tana isowa, bayan ta sha rana a cikin adaidaita sahu, an rubuta 150 bisa 96, bugun zuciya 112 a minti. Wannan adadi abin dubawa ne, domin a wurin mai ciki duk abin da ya kai 140 bisa 90 muna ɗaukarsa da muhimmanci, saboda hawan jinin da ke iya kaiwa ga jijjiga.

Tsohuwar muka fara gaisarwa, domin ita ce babba, kuma idan aka tsallake ta to an rasa ta, wataƙila ma ba za a sake kawo yarinyar ba.

“Sannunku da zuwa, Mama. Ina kwana? Ya mutanen gida? Kun sha hanya.”

“Lafiya lau, Sista. Ai lafiyarta ƙalau, awo ne kawai muka zo.”

Sai muka juya ga yarinyar. “Ƙanwata, sannu. Ya ƙarfin jiki?”

“Da sauƙi,” ta ce, ba ta ɗago ba, tana ta murza bakin hijabinta.

Muka ce Allah ya ƙara sauƙi. Muka faɗa mata cewa awon farko ya ɗan hau, amma gajiya da fargaba kan sa haka, za ta huta minti biyar mu sake. Sannan muka roƙi Mama ta taimaka ta karɓo mana sakamakon gwajin fitsari, wanda dama muna buƙatarsa. Ba korarta muka yi ba, aiki muka ba ta, ta fita da mutuncinta. Sai da labule ya koma daidai muka matso da kujera muka ce, “Yanzu daga ni sai ke. Me ya fi damun ki a cikin nan?” Daga nan muka yi shiru.

Shirun nan shi ne mafi wuya a aikin, musamman idan mata sittin na jira a waje. Wani bincike da Beckman da Frankel suka yi a Amurka a 1984 ya gano cewa likitoci kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa. Wani kuma da aka yi a Suwizalan a 2002 ya nuna cewa idan aka ƙyale mutane su yi magana ba katsewa, yawancinsu kan gama cikin minti biyu. Abin da ake gudu, wato mara lafiya ya cinye lokaci da surutu, ba kasafai yake faruwa ba. Yarinyar nan ko minti ɗaya ba ta yi ba. Ta ce tun jiya da la'asar ba ta ji motsin ɗan kamar yadda ta saba ba, kuma haka ya faru da yayarta bara, aka ciro ɗan babu rai. Ba ta faɗa wa kowa a gida ba don kada a ce ta cika raki, ko a ce tana yi wa kanta mugun baki.

A nan ne harshe ke son ya ce “babu komai, kada ki damu”. Ba ma faɗin haka kafin mu duba, domin ba mu sani ba tukuna, kuma mace ta san ba mu sani ba. Idan daga baya ya zama akwai komai, ba za ta ƙara yarda da maganar mai farin kaya ba. Abin da muka ce shi ne, “Kin kyauta da kika faɗa. Yanzu za mu saurari zuciyarsa, ke ma za ki ji da kunnenki, duk abin da muka gani kuma za mu gaya miki.” Muka kwantar da ita, muka ɗora na'urar sauraro a cikinta, ƙarar ta cika ɗakin, 142 a minti, cikin iyakar da ake so ta 110 zuwa 160. Sai a lokacin ta ɗago kai ta dube mu.

Da muka sake awon jini yadda ya kamata, tana zaune bayanta a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, ba ta magana, sai muka samu 128 bisa 82, bugun zuciya 88. Fitsarin ma babu furotin a ciki. Dalilin bambancin ba boyayye ba ne: tsoro na sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, awo ya hau. Amma ba mu sallame ta ba, domin jin bugun zuciya sau ɗaya ba ya share maganar raguwar motsi. A ranar likita ya gan ta, aka yi mata hoton ciki, aka kuma gaya mata a gaban Mama cewa duk ranar da motsi ya ragu ta zo nan take, kada ta jira ranar awo. Da mun tsaya a kan “da sauƙi”, da mun ɓata lokaci kan hawan jinin da ba ta da shi, mun bar abin da ya kawo ta.

Gaisuwa tana da iyakarta, kuma dole a san ta. Da awo na biyu ya tsaya a sama, da mun bi shi a matsayin hawan jini na gaske, komai daɗin hirar da aka yi. Idan kuwa ya kai 160 bisa 110, ko mace na kukan ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, babu zancen hutun minti biyar, likita ake kira nan take. Haka wadda aka shigo da ita tana zubar da jini, muna gaishe ta ne hannuwanmu na aiki. Ko a nan ma gaisuwar na da amfani, domin wadda ta amsa “sannu” da cikakkiyar magana ta nuna mana cewa hanyar numfashinta a buɗe take kuma tana cikin hayyacinta. Wadda ta amsa da kalma ɗaya tana haki, ko ta amsa abin da ba a tambaye ta ba, ta gaya mana akwai gaggawa tun kafin mu ɗauko abin awo.

Ana gane gaisuwar da ta shiga. Kafaɗu na sauka, hannu ya saki bakin mayafi, amsa ta tashi daga “eh” da “a'a” ta koma labari. Wadda ba ta shiga ba ita ma tana da alama: mace ta yarda da duk abin da aka ce da sauri, ta miƙe, sai ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Af, Sista, dama akwai wani abu.” Sau da yawa wannan abin shi ne dalilin zuwanta. Don haka kafin kowa ta tashi muna tambaya, “Akwai sauran abin da kike son faɗa?” Ba ma tambaya muna rufe kati, muna tambaya ne muna zaune, idonmu a kanta, domin mace mai kunya ba za ta tsayar da wadda ta ga ta riga ta miƙe ba.